Gargaɗi ga Masu Kwas da Wasiƙar Labarai ta Intanet: Ku Rufe Jerin Imel Ɗinku Yau

Wannan gargaɗi ne ga duk wanda ya buɗe shafi a intanet yana koyar da wani abu, ko ɗinki ne, ko tajwidi, ko girki, ko lissafin jarrabawa, da duk mai aika wa mutane wasiƙar labarai ta imel mako-mako. Idan a shafinka akwai fom da ke cewa mutum ya rubuta sunansa da imel ɗinsa, da kai ake. Kada ka jira ƙarshen wata. Akwai abubuwa huɗu da ya kamata ka duba kafin ka kwanta yau: abin da fom ɗinka ke tambaya, yadda kake tabbatar da yardar mutum, inda jerin sunayen yake ajiye, da yadda kake aika saƙo. Ta waɗannan ƙofofi huɗu ɓarna ke shigowa, kuma sau da yawa mai shafin ne da hannunsa ya bar su a buɗe.

Yadda abin ke faruwa

Wata malama da ke koyar da ɗinki ta intanet ta kira ni da sassafe, muryarta na rawa.

"Malam, ɗalibaina uku sun turo min rasit, wai sun biya kuɗin zango na biyu. Ni kuwa ko sisi bai shigo min ba. Ban ma sanar da zango na biyu ba tukuna."

Na ce, "Malama, turo min saƙon da aka aika musu in gani."

Saƙon imel ne mai ɗauke da sunan ajinta. An kira kowace ɗaliba da sunanta, an ambaci darasin yankan hannun riga da suka yi a makon da ya wuce, sannan aka ce wadda ta biya kafin Juma'a za a rage mata kashi ɗaya cikin uku. A ƙasa ga lambar asusun banki, sunan wani ne daban, an ce wai "akawun makaranta". Adireshin da ya aiko saƙon ya yi kama da nata, harafi ɗaya kawai aka ƙara.

Babu wanda ya fasa shafinta, babu wanda ya saci lambar sirrinta. Da muka bi sawu, ga abin da muka tarar. Fom ɗin rajista yana zuba amsoshi a cikin takardar Google Sheets. Watanni biyu kafin nan ta so wata mai taimaka mata ta duba waɗanda suka biya, sai ta danna `Share`, ta mayar da izinin daga `Restricted` zuwa `Anyone with the link`, ta tura mahaɗin ta WhatsApp. Da wata ɗaliba ta tambayi ko sunanta ya shiga, mai taimakon ta jefa mahaɗin a zauren ɗalibai, ta ce kowa ya duba nasa. Daga nan babu wanda ya san hannu nawa ya bi. A cikin takardar akwai suna, imel, lambar waya, unguwa, ranar haihuwa, da adadin kuɗin da kowace ta biya, na mata fiye da ɗari huɗu.

Mun rufe mahaɗin cikin minti ɗaya. Amma rufewa ba ta dawo da abin da aka riga aka kwafa. Wanda ya sauke takardar a wayarsa yana nan da ita har gobe. Kuɗin mata uku ta biya daga aljihunta. Abin da ba ta iya gyarawa ba shi ne kiran da wasu matan aure suka riƙa samu da daddare daga lambobin da ba su sani ba, daga mutanen da suka san sunansu da unguwarsu. Wasu mazajen sun hana matansu ci gaba da ajin.

Ƙofa ta farko: kada ka tambayi abin da ba ka buƙata

Tambayar da na fara yi mata ita ce, "Malama, me kike yi da ranar haihuwarsu?" Ta yi shiru, sannan ta ce a fom ɗin wani ta gani, ta kwaikwaya.

Abin da ba ka karɓa ba, ba za a sace shi a hannunka ba. Wasiƙar labarai imel kaɗai take buƙata, in ka so ka ƙara sunan farko don gaisuwa. Kwas na kuɗi yana buƙatar cikakken suna saboda takardar shaida, da imel. Lambar waya sai idan da gaske za ka kira mutum, kuma ka bar ta a matsayin zaɓi. Adireshin gida ba shi da wuri sai in akwai kayan da za ka kai. Lambar NIN da BVN kuwa babu malamin ɗinki ko na lissafi da ke da hujjar neman su. Haka bayanin katin banki: kada ya taɓa bi ta fom ɗinka. Ka bar wa kamfanin karɓar kuɗi mai lasisi ya karɓa a shafinsa, kai dai a sanar da kai an biya.

Buɗe fom ɗinka yanzu, ka bi gurbi ɗaya bayan ɗaya. Duk gurbin da ba ka iya faɗin ranar da ka yi amfani da shi ba, goge shi, ka kuma goge abin da ka riga ka tara a ƙarƙashinsa. Idan Google Forms kake amfani da shi, shiga `Settings` ka tabbatar `View results summary` a kashe yake. In yana kunne, duk wanda ya cike fom zai iya ganin amsoshin sauran mutane. Idan kuma shafinka ne na kanka, duba adireshin ya fara da `https`. In `http` ne kawai, abin da mutum ya rubuta yana tafiya a buɗe ne a kan hanya.

Ƙofa ta biyu: yarda, da shaidar yarda

Wannan ba maganar ladabi kaɗai ba ce, doka ce. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce shiru ba yarda ba ne, kuma idan aka yi gardama, wanda ya karɓi bayanin shi ne zai kawo shaidar cewa an yarda. Ta ba mutum damar janye yardarsa duk lokacin da ya so, kuma janyewar ta zama mai sauƙi kamar yadda bayarwar ta kasance. Tarar da ta tanada ga ƙananan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga manya, miliyan 10 ne ko kashi 2 ɗin. Nijar ma tana da tata dokar da hukumar HAPDP ke kula da ita, Gana kuma ta yi tata tun 2012. Idan kana tallata kwas ɗinka ga mazauna ƙasashen Tarayyar Turai, dokarsu ta GDPR da ta fara aiki a watan Mayu na 2018 ta shafe ka, ko da kana zaune a Kano.

A aikace, ga abin da wannan ke nufi. Wanda ya yi rajistar kwas ya ba ka imel ɗinsa ne don darasi da rasit. Bai ba ka don tallan turaren wuta na ƙanwarka ba, bai ma ba ka don tallan kwas ɗinka na gaba ba, sai in ka tambaye shi daban. Saboda haka ka sa akwatin zaɓi na musamman, wanda mutum zai danna da hannunsa:

```html
<label>
  <input type="checkbox" name="yarda">
  Na yarda a riƙa aiko min da wasiƙar mako-mako.
</label>
```

Lura babu kalmar `checked` a ciki. Idan wanda ya gina maka shafin ya sa ta, akwatin zai fito a danne tun kafin mutum ya taɓa shi, kuma wannan ba yarda ba ce. A ƙarƙashin fom ɗin ka rubuta gajeren bayani da harshen da ɗalibanka ke ji: ko kai wane ne, me za ka riƙa aikowa, sau nawa, a wane kamfani jerin yake ajiye, da inda mutum zai rubuto in yana so a goge shi. Idan ɗalibanka yara ne da ba su kai shekara 18 ba, kamar masu shirin jarrabawar kammala sakandare, yardar uba ko uwa ko mai riƙo ake nema.

Danna akwati kaɗai bai isa ba, domin kowa zai iya rubuta imel ɗin kowa. Maganin wannan shi ne tabbatarwa sau biyu, abin da manhajojin aika wasiƙa ke rubutawa `double opt-in`. Mutum ya cike fom, nan take saƙo ɗaya ya je akwatinsa mai ɗauke da mahaɗi, sai ya danna sannan sunansa ya shiga jeri. Manhajar za ta ajiye rana da lokacin da ya danna, kuma wannan ita ce shaidarka. Wanda bai danna ba, ba ya cikin jeri, kuma bayan mako ɗaya ko biyu sai a goge shi.

Na san abin da za ka ce: wasu ba za su danna ba, jeri zai ragu. Gaskiya ne, zai ragu. Amma duba su wa suka faɗi. Akwai wanda ya rubuta `gmial.com` maimakon `gmail.com`, saƙonka dama ba zai taɓa isa gare shi ba. Akwai wanda ya manta harafi ɗaya, adireshin ya zama na wani bawan Allah da bai san da zamanka ba. Akwai na'urorin da ke yawo a intanet suna cika fom da adireshin mutane. Alamarsu ita ce ka wayi gari ka ga rajista hamsin sun shigo tsakanin ƙarfe biyu da uku na dare, sunayen haruffa ne a hargitse. Ba ɗalibai ka rasa ba, tsakuwa ka tsince daga shinkafa.

Nan ne kuma wurin gargaɗi a kan masu cewa za su sayar maka da imel dubu goma na 'yan Arewa. Kada ka saya, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Babu ko mutum ɗaya a ciki da ya yarda da kai. Haka nan takardar halartar taro da aka zagaya da ita a walima ko bita, da lambobin da ka kwashe daga wani zaure na WhatsApp. Mutanen sun rubuta ne don wata manufa, ba taka ba.

Ƙofa ta uku: inda jerin yake kwana

Jerin sunaye ya zauna wuri ɗaya, a cikin manhajar da aka yi domin aika wasiƙa, ba a warwatse a waya da kwamfuta da filashi ba. Kowane kwafi ƙofa ce. Mutane kan sauke jerin don su duba wani abu, fayil ɗin ya kwana a `Downloads` shekara guda, sannan a kai wayar wurin mai gyara ko a sayar da ita.

Idan dole takardar Google Sheets za ka riƙe, izinin ya tsaya a `Restricted`, ka ƙara mutum da imel ɗinsa ɗaya-ɗaya. Mai duba biyan kuɗi ba ya buƙatar ganin lambar waya, sai ka yi masa takarda daban mai suna da alamar biya kawai. Ranar da kuka rabu da mai taimaka maka, ranar za ka cire shi. Wanda ya gina maka shafi shi ma kada ya ci gaba da riƙe mabuɗin bayan ya gama aiki. Kuma ka kunna tabbaci mai mataki biyu a imel ɗinka, domin duk wanda ya shiga imel ɗinka zai iya sake lambar sirrin duk sauran.

Zauren WhatsApp yana da tasa matsalar: a zaure na yau da kullum kowane memba yana ganin lambar kowa. Kada ka kwashi lambobi daga fom ka zuba mutane a zaure ba da saninsu ba. Tura musu gayyata, ka faɗa musu lambarsu za ta bayyana, wanda ya ga dama ya shiga.

Ƙofa ta huɗu: yadda kake aikawa

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne a kwafo adireshi ɗari a zuba a gurbin `To` ko `Cc`. Da ka danna aikawa, kowane mutum ɗaya ya samu adireshin sauran casa'in da tara, kuma babu kiranye. Gurbin `Bcc` yana ɓoye adireshi, amma shi ma ba mafita ba ne. Rana ɗaya hannu zai zame ka liƙa a gurbin da ba shi ba, kuma ba ya ba mutum hanyar fita. Manhajar aika wasiƙa tana tura wa kowa nasa shi kaɗai, da mahaɗin fita a ƙasa. Da yawansu suna da tsarin kyauta ga ƙaramin jeri.

Mahaɗin fitar nan kada ka ɓoye shi, kada ka ce sai mutum ya shiga da lambar sirri ko ya faɗi dalili. Wanda ya nemi ƙofa bai gani ba zai danna `Report spam`, kuma wannan ya fi cutar da kai. Tun watan Fabrairu na 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa ga masu aika saƙo. Ƙorafi kada ya kai kashi 0.3 cikin 100, wato mutum uku cikin dubu. Yi lissafi da ƙaramin jeri: in saƙonka ya isa ga mutum 600, biyu suka yi ƙorafi, ka riga ka haura layin. In hakan ya ci gaba, saƙonninka za su fara faɗawa akwatin `Spam`, har da mahaɗin darasin ɗalibin da ya biya kuɗinsa. Alamar ita ce ɗalibai su fara cewa ba su ga saƙo ba alhali ka aika.

Wanda ya fita, kada ka goge shi gaba ɗaya daga manhajar sai in shi ya nemi haka. Bar shi a jerin waɗanda suka fita. Dalili kuwa, in wata rana ka sake loda tsohon fayil, manhajar za ta gane shi ta ƙi aika masa. In ka goge shi, zai dawo kamar sabon shiga, ka aika wa wanda ya riga ya ce maka a'a.

Idan kana aikawa da adireshin shafinka na kanka, akwai saituna uku da ake sawa a wurin da ka yi rajistar sunan shafin. SPF yana faɗin waɗanne na'urori ke da izinin aika saƙo da sunanka. DKIM sa hannu ne da ake liƙa wa kowane saƙo. DMARC yana gaya wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya faɗi waɗancan biyun. Manhajarka za ta ba ka na farko da na biyu ka kwafa. Na uku ana fara shi kamar haka, a ƙarƙashin suna `_dmarc`:

```
v=DMARC1; p=none; rua=mailto:rahoto@example.com
```

Ka maye gurbin adireshin da naka. `p=none` yana nufin a kawo maka rahoto kawai, ba a tare komai ba. Bayan ka ga duk saƙonninka na gaskiya suna wucewa, sai ka ɗaga shi zuwa `p=quarantine`, daga baya `p=reject`. Amma ka san iyakarsa: yana hana wani aika saƙo da ainihin sunan shafinka ne, ba ya hana shi buɗe mai kama da shi. Wanda ya damfari ɗaliban malamar nan harafi ɗaya ya ƙara, babu saitin da zai tare shi. Abin da zai tare shi jimla ɗaya ce a saƙon maraba: ga sunan asusunmu guda ɗaya, ba ma canja shi ta imel ko WhatsApp, duk wanda ya ce muku an canja ku kira ni kafin ku tura ko kwabo.

Idan ya riga ya faru

Da farko toshe ƙofar: mayar da izini `Restricted`, canja lambar sirri, fitar da duk na'urar da ba ka gane ba daga asusunka. Na biyu, rubuta abin da ya fita, na mutum nawa, da lokacin da ka gano. Na uku, sanar da mutanen a ranar. Nan ne kunya ke hana mutane, su ce bari a yi shiru kada suna ya ɓaci. Malamar nan ma ta yi jinkirin yini guda tana tunani, a cikin yinin nan mace ta huɗu ta kusa turawa, Allah ya sa ta kira tukuna. Faɗa musu a fili abin da ya fita, da irin saƙon da za su iya samu, da abin da ba za ka taɓa nema a wurinsu ba. Ka aika wa kowa nasa daban, kada garin ba da haƙuri ka sake zuba su a `Cc`.

Na huɗu, doka. A Nijeriya, idan fitar bayanan tana iya jefa mutane cikin haɗari, ana sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 daga lokacin da ka sani. Suna da lambar waya da unguwar mata ɗari huɗu a hannun ɗan damfara haɗari ne da ba ya buƙatar muhawara. Waɗanda suka riga suka tura kuɗi kuma su kai ƙorafi bankinsu nan take da rasit a hannu, domin kowace awa tana rage damar tare kuɗin.

Malamar ta sake buɗe ajinta bayan wata biyu. Fom ɗin yanzu gurbi biyu ne da akwatin zaɓi ɗaya, jerin yana wuri ɗaya, mabuɗin yana hannunta ita kaɗai. Gyaran duka bai ɗauke mu awa biyu ba. Wasu daga cikin matan da aka riƙa kira da daddare ba su dawo ba har yau.

Ajiye wannan takarda, ɗauko wayarka, buɗe takardar da sunayen ɗalibanka suke, danna `Share`, ka karanta abin da ke rubuce a wurin.